Mai neman mafaka da ɗan gudun hijira: yadda ake haɗa hujjar neman mafaka a Birtaniya, mataki-mataki

Tambayoyin da aka fi turo mini a kan wannan batu kusan iri ɗaya ne. Wani ya ce ɗan'uwansa yana Ingila, bizarsa ta kusa ƙarewa, an ba shi shawara ya nemi mafaka. Wata ta ce an kira mijinta intabiyu, ba su san takardun da zai riƙe ba. Akwai kuma masu mamakin yadda mutanen garinsu suka tsallaka Maraɗi aka karɓe su nan take, amma wanda ya isa Landan da labari iri ɗaya aka ƙi shi. Zan bi tsarin Birtaniya ne daga farko har ƙarshe, saboda a kansa aka fi tambaya. Dokokin nan suna yawan canzawa, don haka duk adadin kuɗi ko wa'adin da na ambata a sake duba shi a gov.uk ko wurin lauya kafin a dogara da shi.

1. Fara sanin a wane matsayi kake

Mai neman mafaka shi ne wanda ya bar ƙasarsa, ya shiga wata, ya gabatar da buƙatar a kare shi, kuma ba a yanke hukunci a kanta ba tukuna. Ɗan gudun hijira a idon doka shi ne wanda aka tabbatar ya cika sharuɗɗan Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951. Na farko yana jira ne, na biyu an riga an amsa masa. Wanda kuwa rikici ya kora daga Bama zuwa Maiduguri bai shiga ko ɗaya daga cikin biyun ba, duk da mun saba kiransa ɗan gudun hijira, domin bai ƙetare iyakar ƙasarsa ba.

A aikace tazarar tana da faɗi. Mai neman mafaka a Birtaniya ba a mayar da shi gida muddin ana duba batunsa, ana ba shi katin ARC mai hotonsa, amma galibi ba shi da izinin aiki. Sai idan ya shekara yana jira, kuma jinkirin ba daga gare shi ba ne, zai iya neman izini, shi ma a wasu ayyuka ƙididdigaggu. Idan ba shi da abin hannu ana ba shi masauki a inda hukuma ta zaɓa, ba inda shi ya ga dama ba, da kuɗin cefane da aka sa fam 49.18 a mako ga mutum ɗaya a 2024. Ranar da aka amince da shi kuwa, yana samun izinin zama, ya yi aikin da ya samu, ya nemi takardar tafiya.

Gargaɗi: babu bizar neman mafaka, kuma ba a nema a ofishin jakadancin Birtaniya da ke Abuja. Sai mutum yana cikin ƙasar ko a bakin shigarta. Duk wanda ya ce ka biya shi ya shigar maka da buƙata daga gida, kuɗinka yake so.

2. Auna labarinka da ma'aunin doka kafin ka buɗe baki

Yarjejeniyar 1951 ba ta ce duk wanda ke cikin haɗari ɗan gudun hijira ne ba. Ta ce sai mutum yana da tsoro mai tushe na cewa za a tsananta masa saboda ɗaya daga cikin dalilai biyar: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukuni na al'umma, kuma ƙasarsa ba za ta iya kare shi ba ko ba ta da niyya. Talauci ba ya ciki. Rashin aiki ba ya ciki. Bashin da ake binka ba ya ciki.

A nan amsar tambayar Maraɗi take. Ƙasashen Afirka suna da tasu yarjejeniyar ta 1969, wadda ta faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da wanda ya gudu saboda abin da ya dagula zaman lafiyar jama'a a wani yanki na ƙasarsa. Shi ya sa mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka kwarara jihar Maraɗi daga 2019, ko na Borno da ke sansanin Minawawo a Kamaru tun 2013, ba a zaunar da kowa ana tambayarsa dalilin da ya sa shi kaɗai ake nema. Birtaniya ba ta cikin wannan yarjejeniya. Can kai kaɗai ake dubawa, kuma tambayar ita ce: me ya sa kai?

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce akwai malamin Islamiyya a wani gari na Borno da ya riƙa sukar 'yan Boko Haram a wa'azinsa. Aka fara kiransa a waya ana yi masa barazana. Wata rana da dare aka shigo gidansa, aka sare shi a kafaɗa, aka kashe ƙanensa. Ya koma Kano, bayan wasu watanni barazanar ta same shi a sabuwar lambarsa. Ya samu bizar ziyara ya shiga Birtaniya. Maƙwabcinsa kuma ɗan kasuwa ne da aka ƙone shagonsa a harin da aka kai wa kasuwar gari baki ɗaya. Dukansu sun ga tashin hankali. Amma Malam zai iya nuna cewa shi aka nufa, saboda addini da ra'ayin da ya bayyana. Maƙwabcin ba zai iya ba cikin sauƙi. Abin da ya rage masa shi ne wata kariya daban da ake kira ta jinƙai, wadda ake ba wanda zai gamu da mummunar cuta idan ya koma ko da babu ɗaya daga cikin dalilai biyar ɗin, ita ma kuma tana da tsauri.

Gargaɗi: wanda akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zaton ya aikata laifin yaƙi ko wani babban laifi kafin ya zo, yarjejeniyar ta cire shi daga kariyarta. Idan ka taɓa shiga wata ƙungiya mai makami, ko da ta sa-kai ce, lauyanka ya fara ji kafin hukuma.

3. Gabatar da buƙata da wuri

Idan da tsoron ka sauka, ka faɗa wa jami'in shige da fice a filin jirgi. Idan kana cikin ƙasar ne abin ya taso, ka kira sashen karɓar masu neman mafaka na Ma'aikatar Cikin Gida a ba ka rana. Shigar da buƙata kyauta ne, ko kwabo ba a biya.

Jinkiri yana da tsada. Wata doka ta 2004 ta wajabta wa mai yanke hukunci ya ɗauki wasu halaye a matsayin abin da ke rage amincewa da maganar mutum: yaga fasfo ko ɓoye shi, ratsa ƙasa mai aminci kamar Faransa ko Italiya ba tare da neman mafaka a can ba, da kuma yin shiru har sai da aka kama mutum ko aka ƙi sabunta masa biza sannan ya tuna yana cikin haɗari. Idan Malam ya yi wata biyar a gidan abokinsa kafin ya nema, za a tambaye shi dalili. Amsar gaskiya, ko da ta rashin sani ce ko ta tsoron hukuma, ta fi wadda aka ƙaga.

4. Nemi lauya mai rajista

A Ingila da Wales gwamnati tana biyan lauya ga mai neman mafaka da ba shi da hali. Samun wanda ke da gurbi shi ne wahalar, sai an yi ta buga waya, don haka a fara nema tun ranar farko. Ba da shawarar shige da fice ba tare da rajista ba laifi ne a dokar ƙasar, kuma ana iya duba sunan lauya ko mai ba da shawara a rajistar hukuma ta intanet.

Gargaɗi: a kowane gari akwai wani “masani” da zai ce ka kawo kuɗi ya rubuta maka labarin da ke ci. Jami'an da ke karanta waɗannan labarai sun ga irinsa sau da yawa, wani lokaci da jimloli iri ɗaya. Kuma kai ne za ka zauna awanni ana juya ka a kan rayuwar da ba ka yi ba.

5. Tantancewar farko

Wannan gajeruwar ganawa ce. Za a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, a karɓi fasfo da sauran takardun shaida, a tambaye ka sunanka, iyalinka, hanyar da ka biyo, lafiyarka, sannan a ce ka faɗi a taƙaice dalilin da ya hana ka komawa. Mutane suna raina ta saboda gajartarta, alhali duk abin da aka rubuta a ranar da shi za a gwada maganarka ta gaba. Idan Malam ya ce “rashin tsaro ne ya koro ni” ya yi shiru, sannan bayan watanni ya kawo zancen wa'azi da kisan ƙanensa, za a ce daga baya ya ƙara. Jimla uku sun isa: wa yake nemana, saboda me, me suka riga suka yi. Ka nemi kwafin abin da aka rubuta, ka karanta shi da lauya, idan akwai kuskure a aika gyara a rubuce ba da ɓata lokaci ba.

Kada ka manta ma'aikatar tana riƙe da fom ɗin bizarka. Idan a ciki an rubuta kai ɗan kasuwa ne mai shaguna a Kano, yanzu kuma ka ce malami ne daga Borno, sai ka yi bayani. Idan ejan ne ya cike fom ɗin da abin da ya ga dama, ka faɗi haka da bakinka tun kafin a zaro shi a nuna maka.

6. Rubuta bayaninka, shi ne babbar hujja

Mutane da yawa suna zaton hujja tana nufin takarda mai hatimi. A shari'ar mafaka babbar hujja ita ce maganar mutum kansa, domin doka ta san wanda ya tsere da dare ba ya tsayawa tattara fayil. Ƙa'idojin shige da fice sun yarda a karɓi abin da ba shi da takarda idan mutum ya yi iya ƙoƙarinsa na kawo abin da ke hannunsa, ya bayyana dalilin rashin sauran, maganarsa ta haɗu ba ta saɓa wa abin da aka sani game da ƙasarsa ba, kuma ya nema da wuri ko ya kawo uzurin jinkiri. Ga buƙatun da aka shigar daga 28 ga Yunin 2022, ana auna abin a hawa biyu. Da farko sai ka nuna cewa ya fi rinjaye kai ɗin ne yadda ka ce, kuma da gaske kana tsoro. Bayan nan ma'aunin yana sassautawa: ya isa a ga akwai yiwuwa ta haƙiƙa cewa za a cutar da kai idan ka koma.

Ka fara da jadawalin lokaci a takarda ɗaya: abin da ya faru, a ina, yaushe, wa ke wurin. Sannan ka faɗaɗa kowane ɗaya. “Sun sha yi mini barazana” ba ta ɗaukar nauyi. Abin da ke ɗauka shi ne Malam ya ce kiran farko ya zo ne bayan sallar isha'i, mai maganar ya yi Kanuri, ya maimaita masa wata jimla daga wa'azinsa na Juma'ar da ta wuce, ya kuma ambaci sunan makarantar da 'yarsa take zuwa. Wanda abu ya faru da shi yana da irin waɗannan ƙananan bayanai, wanda ya haddace ba shi da su.

Akwai tarko biyu da suka fi kama mutanenmu. Na farko kwanan wata. Mu da azumi da Babbar Salla da damina muke tuna abu, jami'i kuma yana son rana da wata. Idan ba ka tabbata ba, kada ka jefa kwanan wata don ka huta. Ka ce kwana kaɗan ne bayan Ƙaramar Salla ta shekara kaza, lauya ya lissafa. Wanda ya ce Maris a yau ya ce Mayu gobe, an rubuta masa saɓani. Na biyu dangantaka. Idan Malam ya ce an kashe ƙanensa, tafinta zai fassara shi da wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya. In daga baya ta bayyana ɗan baffansa ne da suka tashi gida ɗaya, ga jami'i wannan canza magana ne. Ka warware tun farko: ɗan wane ne, ta ina kuka haɗu. Haka ma ranar haihuwa, idan wadda ke fasfo ta bambanta da ta takardar rantsuwar kotu ko ta makaranta, a yi bayaninta a cikin rubutun.

Abin da ke da nauyin faɗa, kamar fyaɗe ko azabtarwa, shi ma a sanar da lauya da wuri. Kunya tana sa a ɓoye, kuma masu yanke hukunci an umarce su su yi la'akari da haka, amma bayyana shi a makare yana buƙatar ƙarin bayani.

7. Tattara abin da zai tallafi maganar

Kowace takarda ka tambayi kanka: wane sashe na labarina take tabbatarwa? Malam yana buƙatar nuna abu huɗu. Cewa shi malami ne a garin: katin aiki, wasiƙar kwamitin masallaci, hotunan makaranta. Cewa ya yi wa'azin: faifan murya ko bidiyo, wanda a shari'arsa ya fi kowace wasiƙa daraja. Cewa an yi masa barazana: saƙonnin waya. Cewa an kai harin: katin asibiti, rahoton 'yan sanda idan ya kai ƙara, shaidar rasuwar ƙanen, labarin jarida idan an buga.

Saƙonnin WhatsApp a ɗauki hotonsu yadda lambar mai aikowa da kwanan wata za su fito, a kuma adana wayar kanta, kada a sayar ko a goge. Takardun da aka aiko daga gida a riƙe na asali tare da ambulan ɗin da suka zo a ciki da rasit ɗin kamfanin aike, domin za a tambayi wa ya karɓo, a ina, ta yaya ta iso. Duk abin da ke cikin Hausa, Larabci ko Faransanci sai ƙwararren mai fassara ya mayar da shi Turanci ya sa hannu da sunansa. Idan gwamnati ce ke biyan lauyanka, yawanci kuɗin fassara yana cikin abin da ake biya masa. Fassarar aboki ba ta wadatarwa. Wasiƙar shaida daga gida kuma ta zo da kwafin katin shaidar marubucin, ya faɗi abin da ya gani da idonsa kawai. Wasiƙar da ta cika da yabo da roƙon a taimaka wa bawan Allah ba ta ƙara komai.

Tabon da ke kafaɗar Malam hujja ce, amma sai likita ya yi magana a kansa. Akwai likitocin da ke rubuta rahoto na musamman bisa ƙa'idar Istambul, inda suke auna tabo hawa-hawa: bai dace da labarin ba, ya dace amma wasu abubuwa da yawa za su iya jawo shi, ya dace sosai, irin wanda aka saba gani ne daga wannan rauni, ko kuma babu abin da zai haifar da shi sai abin da aka faɗa. Likita ba zai ce wane ne ya yi saran ba, amma zai iya cewa wannan sara ne ba faɗuwa daga babur ba. Lauya ne ke neman wannan rahoto, yana ɗaukar lokaci, shi ya sa ake fara maganarsa da wuri. Ka kuma yi rajista da likitan unguwa, ka faɗa masa rashin barci da firgita idan kana fama da su, domin bayanan da ya rubuta suna iya bayyana dalilin da ya sa kake rikita wasu abubuwa.

Gargaɗi mafi girma a wannan jagora: kada ka sa takardar bogi ko guda. Nauyin nuna cewa takarda abin dogaro ce a kanka yake, kuma ana duba ta ne tare da sauran shari'ar. Bayanan da ma'aikatar ke amfani da su sun riga sun ce ana samun takardun jabu a Najeriya cikin sauƙi, don haka da idon zargi ake karɓar sammacin 'yan sanda ko shafin jarida. Takarda ɗaya ta ƙarya tana shafa wa tara na gaskiya kashin kaji. Idan ba ka kai ƙara wurin 'yan sanda ba, ka ce ba ka kai ba, ka faɗi dalili. Kuma kada ka tura iyalinka inda za su shiga haɗari saboda takarda. Bayanin dalilin rashinta ya fi.

8. Shirya amsar tambayoyi biyu da ke kayar da mutane

A ce an yarda da duk abin da Malam ya faɗa. Har yanzu ana iya ƙin sa, kuma a ganina a nan ne buƙatun 'yan Najeriya suka fi yin tuntuɓe. Tambaya ta farko: tunda ba gwamnati ce ke nemanka ba, me ya sa hukumar ƙasarka ba za ta kare ka ba? Ta biyu: Najeriya ƙasa ce mai faɗi, me zai hana ka zauna Legas ko Abuja ko Fatakwal?

Ma'aikatar Cikin Gida tana wallafa bayanan da jami'anta ke dogara da su game da kowace ƙasa a gov.uk, ana samunsu da sunan CPIN, kuma akwai na Najeriya a kan ƙaura cikin gida da kuma kariyar hukuma. Kowa zai iya karantawa, kuma ya kamata, domin a nan za ka ga abin da za a faɗa maka tun kafin a faɗa. Amsar “ko'ina babu tsaro” ba ta aiki. Malam yana da abin da ya fi ta: ya riga ya gwada ƙaura, ya koma Kano, aka samo sabuwar lambarsa. Sai ya nuna saƙon, ya faɗi wanda ya san lambar, ya bayyana cewa wa'azinsa ya yaɗu a waya har fuskarsa ta zama sananniya. Doka kuma tana duba ko zaman can zai yi wa mutum tsanani fiye da kima: lafiyarsa, shekarunsa, ko yana da mai riƙe shi, ko mace ce ita kaɗai da yara. Wanda bai taɓa kai ƙara ba kuma ya bayyana dalili takamaimai, misali abin da ya sami wani da ya kai a garinsu.

Gargaɗi ga maza: dokar Birtaniya ta sa Najeriya da Gana cikin jerin ƙasashen da ake ɗauka galibi babu tsanantawa a cikinsu ga maza. Ma'anarsa, idan aka ƙi buƙatar namiji kuma aka ga ba ta da tushe ko kaɗan, ana iya buga mata hatimin rashin tushe, wanda ke toshe ƙofar ɗaukaka ƙara. Wannan kaɗai ya isa dalilin kada a shiga da labari sama-sama.

9. Babbar intabiyu

Tana iya ɗaukar awanni, wani lokaci ta bidiyo. Ana naɗar murya, ana kuma ba ka rubutaccen kwafi. Kana da damar neman tafinta, da neman jami'i da tafinta mace ko namiji, amma a nema tun kafin ranar. Da an fara za a tambaye ka ko kana fahimtar tafinta. Kada ka amsa da “eh” don kara. Hausar Kano da ta Damagaram da ta zangon Kumasi ba ɗaya ba ce a kunnen wanda ke cikin ruɗani, kuma idan ka ji ya taƙaita doguwar maganarka zuwa kalma uku, ka ce a rubuta cewa kana da shakka. Wanda Turancinsa na kasuwa ne gara ya yi Hausa.

Ka amsa abin da aka tambaya. Idan ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, idan ka manta ka ce ka manta. Za a maimaita tambaya ɗaya ta fuskoki daban-daban, ba don raini ba, aikin ke nan. Ka nemi hutu idan ka gaji. Abin da ka faɗa sirri ne, ba a sanar da hukumomin ƙasarka cewa ka nemi mafaka. A ƙarshe za a ce ko akwai ƙari. Idan ba a taɓo zancen Kano ba, nan ne Malam zai kawo shi da kansa.

Bayan an tashi akwai ɗan wa'adi, yawanci ranakun aiki biyar, na aika gyara ko ƙarin hujja. A zauna da lauya a bi rubutun layi-layi.

Gargaɗi: rashin zuwa intabiyu ba da uzuri ba yana sa a ɗauka ka janye buƙatarka. Haka ma sauya gida ba tare da sanar da ma'aikatar ba, domin wasiƙar tana zuwa tsohon adireshi.

10. Hukunci da abin da ke biyo baya

Idan an ƙi, wasiƙar tana jera dalilai sakin layi bayan sakin layi, kuma ita ce taswirar ɗaukaka ƙararka: kowane dalili sai an nemo masa amsa ko hujja. Wa'adin kwana 14 ne daga ranar da aka aiko hukuncin, ba daga ranar da ka buɗe shi ba. A 2025 kuɗin kotu fam 140 ne idan za a zauna a saurare ka, 80 idan a takarda kawai za a duba, amma wanda ke karɓar tallafin masu neman mafaka ko gwamnati ke biyan lauyansa ba ya biya. A zaɓi zaman sauraro, domin alƙali mai zaman kansa ne zai ji ka da kunnensa. Har a gama wannan, matsayinka bai canza ba, mai neman mafaka ne kai.

Idan an amince, ka karanta tsawon izinin da aka rubuta maka. An daɗe ana ba da shekara 5, amma a Nuwamban 2025 gwamnati ta sanar da shirin mayar da shi wata 30 ana sabuntawa. Tallafi da masaukin hukuma suna yankewa cikin 'yan makonni, don haka a fara neman gida da buɗe asusun banki a makon farko. Daga nan kuma kada ka sabunta fasfon Najeriya, kada ka je gida ko da ta'aziyya ce ba tare da ka yi magana da lauya ba. Yin haka ana iya ɗaukarsa a matsayin ka koma ƙarƙashin kariyar ƙasarka, a kuma janye matsayin. Takardar tafiya ta 'yan gudun hijira ake nema a madadinsa, ita ma ba ta aiki zuwa ƙasar da ka gudo daga cikinta.